Lasisin Da Aka Kawo Mini Har Tasha

Shekara goma sha huɗu na yi ina tuƙin motar haya tsakanin Illela da Sakkwato, kuma duk tsawon lokacin nan ban taɓa taka ƙofar ofishin lasisi ba. Ban ɗauki wannan abin kunya ba, alfahari ma nake yi da shi. A tasharmu gani muke direban da ya je ya bi layi a ofis bai san mutane ba ne. Akwai wani mutum mai baƙar jaka da ke zuwa mana duk ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci, ya zauna a bencin mai shayi. Idan lasisinka ya kusa ƙarewa sai ka ba shi tsohon, da ƙaramin hoto guda biyu, da abin da ya yanka maka. Bayan mako biyu zai miƙo maka sabo fil yana ƙyalli, ga hotonka, ga sunanka, ga tambarin gwamnati. Sau uku yana yi mini haka, kuma kowane karo har godiya nake yi masa, in biya masa kuɗin shayi.

Motar ba tawa ba ce. Ta wani Alhaji ce mai fataucin albasa, mutumin Kalmalo, abokin marigayi mahaifina. Ba mutum ne mai faɗa ba, amma yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa: ba a taɓa masa mota sai da cikakkun takardu. Ya taɓa yin shari'a a kan wata motarsa da ta yi haɗari, tun daga nan ya ce ya gama. Duk sanda na sabunta lasisi sai na kai masa ya gani da idonsa. Da motar nan nake ciyar da gidana, ba ni da gona, ba ni da rumfa a kasuwa.

Saura wata guda lasisina ya ƙare mai jaka ya daina zuwa. Lahadi ta farko muka ce ko ba shi da lafiya. Ta biyu aka kira wayarsa aka ji ta a kashe. A cikin makon nan ne aka tare wani abokin aikina a hanya, wani dogo da muke lodi a layi ɗaya. Kwana biyu ba mu gan shi ba, da ya dawo kuma a ƙafa ya dawo, motarsa tana hannun hukuma. Na same shi a bayan rumfar 'yan kamasho ya zabga tagumi, na tambaye shi abin da ya faru.

"Wallahi lambar lasisin ɗai jami'in yab buga cikin waya," in ji shi. "Yad dube ni yac ce babu ni. Nic ce ga ni tsaye gabanka, ka ce babu ni? Yac ce shi dai na'ura ba ta san ni ba."

"Wa yay yi maka shi?" na tambaya, alhali na san amsar.

"Wanda yay yi maka naka."

Na yi dariyar yaƙe na ce ai na'ura ma tana kuskure, na tashi na bar wurin. Na shiga mota na rufe ƙofa, na ciro lasisina daga aljihu ina jujjuya shi. Ban ga wani aibu ba. To ni me na sani? Ban taɓa riƙe wani lasisi ba sai irin wanda mai jaka ya kawo.

Tun daga ranar tuƙi ya zame mini azaba. Wanda ya san hanyar Illela ya san ba a tafiya mai nisa ba a tarar da shinge ba, saboda iyaka tana kusa, kowace hukuma da nata wurin tsayawa. Da can ko a jikina, sai in rage gudu in ɗaga hannu in yi musu barka da aiki. Yanzu da na hango riga mai ɗaukar ido daga nesa sai in fara shirya abin da zan faɗa. Wata rana kusa da Gwadabawa wani jami'i ya ciro waya daga aljihu daidai lokacin da na tsaya. Ashe kira ne ya shigo masa. Kafin ya ce in wuce na karanta duk addu'ar da na iya, har wata tsohuwa da ke gidan gaba ta tambaye ni ko zazzaɓi nake ji.

Ban gaya wa matata ba, ban gaya wa Alhaji ba. Na yi ta saƙa da warwara ni kaɗai. In na yi shiru, lasisin zai ƙare nan da 'yan kwanaki, Alhaji kuma zai ce in kawo sabo. In na je ofis, wataƙila da ƙafata na kai kaina hannun hukuma. Daga ƙarshe na yi wa kaina wata dabara da na ga kamar wayo ce. Zan je in yi tambaya kawai, a kan me ake kawowa, nawa ake biya, kwana nawa ake jira. Ba zan nuna lasisin ba, kuma zan ce wani abokina ne ya aiko ni.

Ranar wata Talata na yi lodin safe, na sauke fasinja a Sakkwato, na sa motar a layin komawa, na hau babur ɗin kabu-kabu. Da ya sauke ni a ƙofar ofishin sai da na wuce ta sau biyu kamar mai neman wani gida. Akwai wasu mutane a ƙarƙashin bishiya riƙe da fayil-fayil, ɗaya ya taso yana tambayar ko lasisi nake so, yana da hanya. Na dube shi, na ga har irin murmushin mai jaka yake yi. Raina ya ɓaci, na ce masa na gode da hanyarsa, na shige ciki.

Ɗaki ne mai faɗi, da benci uku, da fanka tana juyawa a hankali. A bango an manna takardu da Turanci, ciki har da wata mai hoton lasisi guda biyu gefe da gefe. Ban tsaya karantawa ba, na ji tsoron abin da zan gani. Ta wata ƙofa a buɗe na hango kujera ɗaya a gaban farin ƙyalle, da kyamara a kan tebur, wani mutum yana ɗora yatsunsa a kan ɗan gilashi mai koren haske. Na daɗe ina kallonsa. Ni ban taɓa zama a kujerar nan ba.

Da layi ya zo kaina sai na tarar da wata mata ce a teburin tambaya, babba, da tabarau da farin mayafi a kan kayan aiki. Na so a ce namiji ne, don na fi iya yi wa namiji ƙarya. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Mi ka tahe da kai, Malam?"

"Hajiya, tambaya ta. Wani abokina na, lasisinai ya kusa ƙarewa, shina son shi san mi aka kawowa in za a sabunta."

"Na haya ko na gida?"

"Na haya."

Ta ajiye biro ta yi mini bayani dalla-dalla, da alama ta faɗe shi sau dubu. Ta ce da farko ana cika takardar neman sabuntawa a intanet, da lambar tsohon lasisin da ranar haihuwar mai shi, a buga ta a takarda. Ana son lambar katin ɗan ƙasa. Tunda na haya ne, sai ya zo da takardar gwajin lafiya daga asibitin gwamnati. Daga nan a sa masa hannu a teburin haraji da teburin masu gwajin tuƙi, a duba idonsa, sannan ya shiga ɗakin can a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

"Kuɗɗin hwa, Hajiya?"

Ta ce iri biyu ne, akwai na shekara uku, akwai na shekara biyar, ta nuna mini takardar da ke manne a jikin teburinta inda aka rubuta kowanne. Na duba sau biyu. Na shekara biyar ɗin bai kai abin da nake ba mai jaka ba. Ta ƙara da cewa a banki ake biya, ko ta intanet, a kawo rasit, kada ya ba kowa kuɗi a hannu, ko da ita ce ta ce ya ba ta.

"Kwana nawa shika ɗauka?"

"In takardunai sun cika, ranar da anka ɗauki hotonai za a ba shi na wucin gadi, shina aiki kwana sittin. Na dindindin ba nan aka buga shi ba, aiko muna shi aka yi. In ya iso za a sanar da shi. Wani lokaci shina wuce kwana sittin ɗin, in haka ta hwaru shi dawo a ƙara mai wa'adi."

Na sami duk abin da na zo nema. Da ina da hankali da na yi godiya na kama hanya. Amma kwana goma sha biyu ke nan ina ɗauke da tambaya ɗaya a ƙirjina, ga kuma wadda ta san amsar a gabana. Bakina ya riga ni.

"To Hajiya, in mutum bai samu zuwa ba, ba ya iya aiko da hotonai a yi mai?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ba harara ba ce, amma na ji kamar ta ga abin da ke cikin aljihuna.

"Abokin naka, wancan karon aikowa yay yi?"

Mutumin da ke bayana a layi ya yi gyaran murya.

"Malam," ta ce, ta rage murya, "babu lasisin da ka hita ba tare da mai shi ya zamna kujerar can ba. Kawo in gani."

Ba ta ce kawo na abokinka ba. Na tuna ƙofa tana bayana, taku shida ne ko bakwai, kuma akwai jami'i mai kaki a zaune kusa da ita yana cin gyaɗa. Na yi tunanin gudu, wallahi na yi. Amma ban gudu ba. Na sa hannu a aljihu na ciro lasisin na ajiye a kan tebur.

Tun kafin ta taɓa na'ura ta yi ɗan tsaki. Ta ce hoton nan a shagon mai hoto aka ɗauke shi, ga labulen shagon nan a bayana. Gaskiya ce kuwa, a Illela na ɗauka, kusa da kasuwa, har na sa sabuwar riga don in fito da kyau. Ta buga lambar a kwamfuta. Abin ya yi ta juyawa saboda sabis ba ƙarfi, ni kuma ina tsaye ina roƙon Allah a zuciyata ko a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Ta sake bugawa, ta gwada da sunana da ranar haihuwata, sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajena don in gani da kaina. Babu komai.

"Shekara nawa kana tuƙi da irin wanga?"

"Goma sha huɗu."

"Da mutane cikin mota?"

"Da mutane, Hajiya."

Ta yi salati a hankali. Ni kuwa jira kawai nake ta ɗaga hannu ta kira mai kaki. Na riga na ga kaina a bayan kanta, na ga an aika wa Alhaji, na ga matata tana neman wanda zai yi belina. Na fara ba ta haƙuri, ina rantsuwa cewa ban sani ba, cewa kowa a tasharmu haka yake yi. Ban san iya abin da na faɗa ba. Na dai tuna na ce mata ina da 'ya'ya biyar, kamar 'ya'yan ne za su sa sunana ya fito a na'ura.

Ta bari na gama. Ta ce riƙe lasisin bogi laifi ne, da a hanya aka kama ni da shi da sai kotu. Amma tunda da ƙafata na zo, kuma ta ga alamar cutata aka yi, ba za ta miƙa ni ga kowa ba. Katin dai ba zai koma aljihuna ba. Ta buɗe aljihun tebur ta jefa shi ciki, na hango wasu irinsa da yawa an ɗaure da roba.

"To yanzu sai in sabunta, Hajiya?"

"Mi za ka sabuntawa? Ba ka da lasisi. Sabo za ka nema, daga hwarko."

Daga farko ɗin nan shi ne in je makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, in yi rajista, in halarci darasi kusan wata guda kafin su ba ni takardar shaida. Da ita zan cika neman sabon lasisi, a yi mini gwajin tuƙi, sannan in bi sauran matakan da ta lissafa ɗazu. Na ce mata ni da na san kowane rami tsakanin Kware da Illela, ni za a koya wa sa giya? Ta ce ita ba ta musa ba na iya tuƙi, amma na'ura ba ta buɗe wa kowa sai da lambar takardar makaranta. Na tambaya ko akwai wata 'yar takarda da za ta ba ni in riƙa nunawa a hanya kafin nan. Ta girgiza kai. Ta ce kafin in riƙe na wucin gadi a hannuna, kada in ɗauki ran kowa a mota.

Na fito rana ta take. Mutumin ƙarƙashin bishiya ya sake tasowa, ya ce in an ba ni matsala a ciki shi zai gyara mini cikin kwana uku. Ban san sanda na daka masa tsawa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, bayan na yi gaba kaɗan, sai da na ji zuciyata tana cewa in koma in ji nawa zai karɓa.

Da na isa tasha layi ya zo kan motata, ta cika, an ɗaure kaya, ɗan kamasho yana ta nemana. Mutum tara ne a ciki, har da mai jego da jaririnta. Na tsaya da makulli a hannu. Aljihuna babu komai, ga shinge a hanya ban san adadinsu ba, kuma ko da an bar ni na wuce duka, yanzu na san abin da da safe ban tabbatar ba. Na nemi ɗaya daga cikin direbobin da ke zaman jiran ɗani, waɗanda ba su da mota a hannu. Na tambaye shi ko lasisinsa a ofis aka ɗauke shi hoto. Ya ce har yatsu goma. Na ba shi makullin na ce kaina ke ciwo. Na matsa a kujerar baya tsakanin buhun gari da wani Bafillace mai sanda, haka muka zo Illela. A shinge uku aka tsayar da mu, a ɗaya aka buga lambarsa a waya, kuma ina kallo sunansa ya fito.

Bayan la'asar muka kai motar ƙofar gidan Alhaji. Na same shi a kan tabarma yana duba wasu buhunan albasa da aka sauke. Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba. Na yi zaton zai yi faɗa, da ya yi ma da na fi jin sauƙi.

"Sau ukku kana kawo min shi ina dubawa," ya ce. "Ashe ni da kai duk makahi muke."

"Alhaji, wata guda na, ko da 'yan kwanaki. In kun yi min haƙuri..."

"Ɗana, haƙuri na yi shi. Amma mota ba ta kwana wata guda ƙohwar gida, kai ma ka sani. Kuma wanda duk nib ba ta, ba ni iya ce mai sauka ranar da kad dawo, bai yi min laihin komi ba."

Ya tambayi wane ne ya tuƙo mu. Na nuna masa mutumin, yana tsaye jikin mota yana goge gilashi da hularsa. Alhaji ya kira shi ya karɓi lasisinsa, wannan karon bai tsaya ga kallo ba, sai da ya sa aka kira wani jami'i da ya sani aka karanta masa lambar. Ni na cire makullin gidana daga zoben makullin motar na miƙa sauran. Na kwashe abin sallata da butata da ke ƙarƙashin kujera. Alhaji ya ce in je makarantar, in Allah ya hore masa wata motar zai neme ni, na ce na gode, na taka zuwa gida a ƙafa.

Washegari na tashi a lokacin da na saba, na yi sallar asuba, na sa kaya, har na kai zaure kafin na tuna ba inda za ni. Na zauna a dakalin ƙofar gida. Gidanmu yana bakin hanyar da ke zuwa tasha, ba a jima ba na ji motar tafe tun kafin ta shawo kwana, don ko cikin mota ɗari na san kukanta. Sabon direban ya sa giya ta uku da wuri, injin ya shaƙe yana kakari. Na ji ƙafata ta hagu ta danna ƙasa da kanta, na buɗe baki zan ce masa ya bari ta ja tukuna. Ya ɗaga mini hannu ya wuce. Matata ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Yau ba ka hita na?" Na ce mata ta zo ta zauna, akwai maganar da zan gaya mata.